Takardar Neman Izinin Tafiya Jana'izar Mahaifina

Unguwar Hotoro,
Kano.
Talata, 14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,
Ta hannun Mataimakin Shugaba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in sanar da kai cewa Allah Ya yi wa mahaifina, Malam Ɗanladi, rasuwa daren jiya Litinin, 13 ga Oktoba, jim kaɗan bayan sallar isha'i, a gidansa da ke Azare, jihar Bauchi. Ciwon nan ne na hawan jini da na taɓa ba ka labari lokacin da na je duba shi a hutun da ya wuce. Kwana ne ya ƙare.

Baffanmu ya tsayar da cewa za a yi jana'iza yau Talata bayan sallar azahar, da ƙarfe 2:30, a ƙofar gidan marigayin. An ɗan jinkirta ne don mu da ke nesa mu samu sallar. Saboda haka zan kama hanya da safiyar nan, da motar farko daga tashar Unguwa Uku, ta Wudil da Jama'are, in Allah Ya yarda in isa kafin a gama yi masa sutura. Wannan ne ya hana ni zuwa ofis da kaina in yi maka sallama kamar yadda ya kamata. A yi mini afuwa. Malam Sani Garba, wanda muke maƙwabtaka, shi zai kawo takardar.

Ina roƙon a ba ni izini daga yau Talata, 14 ga wata, zuwa Talata mai zuwa, 21 ga wata, wato ranakun aiki shida. Ni ne babban ɗa namiji a gidan, don haka zaman karɓar gaisuwa a kaina yake, ni da Baffa. Za a yi sadakar uku ranar Alhamis, 16 ga wata, ta bakwai kuma ranar Litinin, 20 ga wata. Da don ta sadakar ce kawai, da na juyo bayan uku. Amma mahaifiyata za ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ga shekaru, ga ciwon ƙafa, kuma ƙannena biyu da ke gabanta 'yan makaranta ne. Dole in zauna da 'yan'uwa mu tsara wanda zai riƙa kwana da ita da yadda cefane zai riƙa shiga gidan. Sannan akwai maganar bashi: duk wanda ke bin marigayin wani abu, ina so a sauke masa nauyin tun ina nan, kada a bar shi da shi.

Zan baro Azare ranar Talata, 21 ga wata, da safe, in kasance a bakin aiki ranar Laraba, 22 ga Oktoba, in sha Allahu. Addu'ar arba'in za ta faɗo ranar Asabar, 22 ga Nuwamba, ba za ta taɓa ranar aiki ba.

Game da ɗalibaina, mun yi magana da Malam Sani cikin dare, ya amince zai riƙe mini darasin lissafi na aji biyu, idan ka yarda da hakan. Na ba shi littafin shirin darasi da rajistar aji, na kuma nuna masa inda muka tsaya. Takardun gwajin da suka yi ranar Juma'a suna cikin aljihun teburina na ƙasa, makullin yana hannunsa. Na duba rabi, sauran zan kammala da zarar na dawo. 'Yan aji uku ne suka fi tsaya mini a rai saboda jarrabawar da ke gabansu. Na bar musu aikin da zai kai su mako guda, darussan da suka rasa kuma zan rama musu bayan an tashi, in an ba ni dama.

Wayata a kunne take. In ba a same ni ba, wataƙila muna maƙabarta ko wurin zaman makoki. A bar saƙo, zan kira da daddare.

Ina roƙon a sanar da sauran malamai, a kuma sa mahaifina cikin addu'a a taron safe. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Na gode da haƙurin da ake yi da ni, Allah Ya saka da alheri.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habibu Ɗanladi Azare,
Malamin Lissafi, aji biyu da aji uku.