Barka da zuwa shagonmu na Ƙofar Ƙwaya

Assalamu alaikum. Lale marhabin, sannunku da zuwa! Alhaji, Hajiya, da fatan an wuni lafiya, ya iyali?

Kun iso shagonmu na atamfa da shadda da ke Ƙofar Ƙwaya, cikin birnin Katsina. Akwai atamfa tun daga ta zaman gida har ta fita biki, akwai leshi, shadda, yadin maza, mayafai da huluna.

Me ake buƙata? Ku faɗa mana kai tsaye. An ce Katsinawa kunya gare mu ba tsoro ba, to a nan dai a ajiye kunyar: tambayar farashi kyauta ce, ko ba a saya ba ba ma jin haushi. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya turo saƙon murya. In kuma wani zane kuka gani a jikin wata a wurin biki ya burge ku, ku turo hotonsa mu duba, in babu shi a shago mu faɗa maku gaskiya.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne ku ambaci kala, yawan kayan, da kuɗin da kuka ware. Turmin atamfa yadi 6 ne. Shadda kuwa a fara tambayar tela yadi nawa zai isa kafin mu sa almakashi, domin abin da aka yanka ba ya dawowa. Hoton waya ma yakan canza kala, musamman shuɗi da ruwan toka, shi ya sa muke ɗaukar bidiyo a hasken rana ga duk mai so.

Masu haɗa lefe da masu fitar da anko, don Allah ku yi mana magana da wuri, ko da mako 3 kafin biki. Turmi 40 iri ɗaya ba ya samuwa a dare ɗaya, balle in Sallah ta matso.

Muna buɗewa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci. In kun ji shiru, wataƙila muna sallah ne ko shago ya cika, za mu amsa in sha Allahu.

Cikin gari, ko Ƙofar Ƙaura kuke ko Ƙofar Sauri, yaronmu zai kawo har ƙofar gida. Daura, Mani, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa kuma muna ba direba a tasha, kuɗin mota na mai kaya ne. Ana biya a hannu ko ta taransifa, amma kada a tura ko sisi sai mun ba da lambar asusu ta wannan layin.

To bismillah, me za mu ɗauko maku?