Marsiyyar Kakarmu, Hajiya Rabi

Ta rasu daren Laraba tana da shekara 86, ta bar 'ya'ya 5 da jikoki 31. Sadiƙu ne zai karanta a madadin jikoki.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da malamanmu, ga 'yan baitoci daga jikokin Hajiya Rabi.

1. Da sunan Allah Mai rayawa, Mai kashewa,
Shi ya ba mu ke, Kaka, yau shi ya karɓe ki.

2. Shekara tamanin da shida kika yi a duniya,
Babu maƙwabcin da ya kwana da haushinki.

3. Tun kafin asuba fitilarki ke kamawa,
Mu kan farka mu ji tasbihi a bakinki.

4. 'Ya'ya bakwai kika haifa, goyonki ya fi haka,
Marayu uku ma sun yi wayo a bayanki.

5. Allura da zare na nan a gefen gado,
Rigar da ta yage ba ta kwana a ɗakinki.

6. In zazzaɓi ya kama ɗayanmu da dare,
Mafarin sauƙi shi ne tafin hannunki.

7. Ango kike ce wa mazanmu, matanmu kishiyoyi,
Yau ango da kishiya duk suna kukan rashinki.

8. Kin rasa miji, kin rasa 'ya'ya biyu,
"Haka Allah ya so" kaɗai muka ji a harshenki.

9. Da ido ya dushe, ƙafa ta gaza,
Ta murya kike gane kowane jikanki.

10. Kaka, mun yafe miki, mun san kin yafe mana,
Mai binki bashi ya zo, mu ne magadanki.

11. Allah ya yalwata kabari, ya haskaka shi,
Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki.

12. Ya ba mu irin haƙurin da kika nuna mana,
Ya haɗa fuskokinmu a can da fuskarki.

Zuwa ga Sadiƙu

Ƙanena, ga marsiyyar nan kamar yadda muka tsayar. Kawu Bala ya ce minti biyu aka ba mu, bayan an dawo daga maƙabarta, kafin liman ya rufe da addu'a. Mutane za su dawo a gajiye, cikinsu da tsofaffin da tsayuwa ke ba su wuya, don haka kada mu wuce abin da aka ba mu.

Ga lissafin. Baiti 12 ne, kowanne ɗango biyu, ɗango 24 ke nan. In ka ba kowane ɗango daƙiƙa 4, baitocin za su ci daƙiƙa 96. Sallama da gabatarwa kamar daƙiƙa 10. Abin da ya rage, daƙiƙa 14, na "amin" ɗin jama'a ne da numfashinka. Ka karanta da murya a bayyane sau biyu kana duban agogo kafin ka fita. In ka gama ƙasa da minti ɗaya da rabi, gudu kake yi, kuma dattawan da ke nesa ba za su kama kalmomin ba. Karatun zuci ba ya nuna wannan, sai an buɗe baki.

Karantawa za ka yi, ba rerawa ba. Ka ɗan ja numfashi a ƙarshen ɗango na farko, ka tsaya sosai a ƙarshen baiti. Kowane baiti da "ki" ya ƙare, wannan amsa-amon shi ke riƙe da waƙar duka. Mai baƙin ciki yakan haɗiye ƙarshen magana saboda iska ta ƙare masa kafin ya kai can, sai a ji "haushin…" a rasa sauran. Maganinsa shi ne ka fara ɗango na biyu da cikakken numfashi, ka kai "ki" ɗin har kunnen na baya.

Baiti na 7 da na 8 su ne inda murya ta fi karyewa. Na 7 zai sa wasu murmushi, wasu kuka, domin kowa cikinmu ya san da wane suna take kiransa. Kada ka ɗaga ido ka dubi su Inna a wannan wurin. Fuskar wanda ka sani tana kuka ita ke shaƙe maƙogwaro. Idonka ya zauna a kan takarda. In muryar ta tsaya, ka yi shiru, ka shaƙi iska ta hanci a hankali, ka sake ɗaukar ɗangon daga farkonsa. Ba sai ka ba da haƙuri ba, hawaye ba laifi ba ne. Nura zai tsaya a damanka da tasa takardar. In ka ga ba za ka iya ci gaba ba, ka taɓa hannunsa ya ɗora daga lambar da ka tsaya. Dalilin sa wa baitocin lamba ke nan, amma ba a furta lambar.

Baiti na 10 ba ado ba ne, alkawari ne a gaban jama'a. Kawu Bala ya amince duk mai bin Kaka wani abu ya same shi, don haka ka faɗi baitin a sarari, ka ɗan juya wajen da yake zaune. Bayan na 11 da na 12 jama'a za su amsa da "amin". Ka jira su gama. In ka shiga na 12 suna cikin amsawa, ɗangon farko zai nutse a hayaniya.

In aka ce lokaci ya ƙure, ka tsallake na 5 da na 6, ka sami daƙiƙa 16. Na 1, na 10, na 11 da na 12 ba a taɓa su ko yaya. In kuma ka ga na 8 ya yi wa Inna nauyi a yau, tunda 'yan'uwanta ne ake nufi, ka maye gurbinsa da wannan, tsawonsu ɗaya:

In mun yi laifi, uwa ta ɗauko bulala,
Mafakarmu ɗaya ce, gefen zanenki.

Kada ka ƙara yabo daga kanka a tsakiyar karatu. Duk abin da ke cikin baitocin nan akwai wanda zai shaide shi a wurin, kuma marayun nan uku za su zo. Ba mu ambaci sunansu ba da gangan, kai ma kada ka ambata.

Kada ka karanta daga waya: fuskarta na mutuwa a tsakiyar baiti, ga kiran masu ta'aziyya da ba ya yankewa. An buga maka a takarda da manyan baƙaƙe, ka manna ta a kwali, domin falle ɗaya yana karkarwa in hannu na rawa. In akwai lasifika, ka bar tazarar kamu ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka gwada da sallama kafin ka shiga baiti na farko. Ka kurɓi ruwa kafin a kira ka. In ka gama, ka ce "Allah ya jiƙanta", ka koma wurinka, liman ya karɓa.

Yayarka,
Hadiza