Tsarin Aikin Aji: Binciken Farashin Hatsi a Kasuwar Gujungu da Nuna Shi a Zane

Darasi: Lissafi, ɓangaren ƙididdiga
Aji: aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗalibai 64
Lokaci: zango na ɗaya, mako shida, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba
Zuwa ga: shugaban makaranta da malaman da za su taya ni rakiya

Dalilin aikin

Yaran nan sun san kasuwa fiye da yadda muke zato. Yarinyar da ke kasa raba 750 gida uku a allo, ita ce take ba da canji a kan farantin talla ba tare da kuskuren ko naira ɗaya ba. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne su rubuta farashi, su jera shi, su mai da shi zanen da wani zai kalla ya gane. Shi nake so su koya, kuma da alƙaluman da suka ɗebo da ƙafarsu, ba waɗanda aka buga musu a littafi ba.

Na zaɓi Gujungu don ita ce kusa da mu, kuma ran Lahadi take ci, ba za a rasa darasi ba. Malamin da ke kusa da Shuwarin, wadda ke ci Litinin, ko Sara ran Talata, ko Maigatari ran Alhamis, sai ya nemi izinin fita da yara bayan tashi. Lokacin ma da gangan na tsayar da shi: kaka ce, sabon gero ya shigo, wake da gyaɗa na biyo baya, dawa kuma tana hanya. A irin wannan lokaci farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka zanen zai sami abin faɗa.

Mako na ɗaya: ma'auni kafin farashi

Nan zan fi daɗewa, domin nan aikin ya lalace mini bara. Na tura ƙungiya biyu su tambayo kuɗin gero a rana guda, a layi guda, suka dawo da farashi biyu masu nisa da juna, har suka kusa dambe a aji kowa na cewa ɗan'uwansa ƙarya ya rubuta. Da na bincika, babu maƙaryaci a cikinsu. Ƙungiya ɗaya farashin da mai awo ya fara yankawa ta rubuta, ɗayar kuwa ta tsaya har aka yi ciniki aka sallama. Ban da wannan, kwanon wani mai awon ya sha duka a gindi har ya lotsa, na wani kuma sabo ne. Laifina ne, ban shirya su ba.

Saboda haka bana ba mai zuwa kasuwa sai mun yi awo a aji. Zan zo da gero rabin buhu daga gida, da tiya uku na aro daga gidaje daban-daban, da sikelin da ke ɗakin kimiyya. Yaro zai cika tiya ta farko ya yi mata tozo yadda ake yi a kasuwa, ya juye a ta biyu. Kowa zai ga da idonsa ko ta cika ko ta rage ko ta zube. Sai a shafe tozon da rula a auna abin da ya zubo. Sai a ɗora kowace tiya a sikeli a rubuta nauyinta. Daga nan a maimaita da gyaɗa, su ga cewa tiyar gyaɗa da tiyar gero cikarsu ɗaya amma nauyinsu ba ɗaya ba.

Ƙa'idar da za mu fitar daga wannan darasi, kowa ya rubuta ta a bangon littafinsa: farashin da ba a faɗi ma'auninsa ba, ba ya shiga jadawalinmu. Kuma farashin sallamawa muke so, ba na tayi ba.

A wannan makon ne zan raba ajin ƙungiya takwas, kowace mutum takwas, kowace da kayanta: gero, dawa, masara, wake, shinkafa 'yar gida, ɓararriyar gyaɗa, riɗi, da man gyaɗa. Masu wake su tsaya kan iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kada yau fari manya gobe ƙanana. Masu man gyaɗa su tsayar da kwalba ɗaya, mu auna ta da ruwa a aji mu san mililita nawa take ci.

Mako na biyu zuwa na biyar: Lahadi huɗu a kasuwa

Kowace Lahadi ƙungiya za ta tura mutum biyu, wato yara 16 ke nan a rana, kuma kafin Lahadi huɗu su ƙare kowa ya je sau ɗaya. Malami ɗaya da malama ɗaya za su raka su. Kafin fitar farko, ni da shugaban makaranta za mu je mu gai da Sarkin Kasuwa da shugaban 'yan awo mu yi musu bayani. Idan ba a yi haka ba, mutum ya ga yara da takarda da biro suna tambayar kuɗi, zai ɗauka 'yan haraji ne suka turo su, ya kama bakinsa.

Ga abin da yaro zai ce, kuma za mu gwada shi a aji, wani ya zama mai awo:

"Salamu alaikum. Baba, barka da kasuwa. Mu 'yan makaranta ne, malaminmu ya aiko mu aikin lissafi, ba saye za mu yi ba. Don Allah nawa kake sallama tiyar gero yau?"

In ya amsa, a yi godiya, a ce Allah ya ba da kasuwa. In ya ce ba shi da lokaci, a yi godiya a wuce. In yana tsakiyar ciniki da wani, a jira, ba a tsoma baki.

Kowace ƙungiya za ta tambayi masu sayarwa biyar, ba waɗanda ke jere da juna ba, kuma tsakanin ƙarfe 11 da azahar kowane mako, domin farashin hantsi da na yamma lis sukan bambanta. Takardar bincike tana da gida shida: kwanan wata, kaya da irinsa, ma'auni, farashi, sabo ko tsoho, da abin da mai kayan ya ce shi ya sa farashin ya motsa. Ba a rubuta sunan kowa. Mai sayarwa na 1, na 2, haka har na 5.

Akwai iyayen da ba za su bar 'ya'yansu mata shiga babbar kasuwa ba, kuma ba zan yi jayayya da su ba. Waɗannan 'yan mata za su shiga ƙungiyar man gyaɗa, su yi bincikensu a cikin gari wurin matan da ke matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli a gida. Aikinsu bai gaza na kowa ba. Hasali ma su ne za su iya nuna mana ko kuɗin mai yana bin kuɗin gyaɗa, da kuma ko nan take yake bi ko sai bayan mako.

Ran Litinin da ke biye, rabin darasi na lissafin abin da aka kawo ne. Zan fara da misali a allo, da alƙaluman da na ƙirƙira don koyarwa kawai: masu awo biyar sun ce 1,500, 1,500, 1,600, 1,450 da 1,700. Jimla 7,750, a raba biyar, matsakaici ya zama 1,550. A jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya 1,500. Wanda ya fi fitowa shi ma 1,500. Tazara tsakanin mafi tsada da mafi sauƙi 250. Sai in tambaye su: in mahaifinka ya ce nawa gero yake yau, wanne za ka faɗa masa, kuma don me? Ina so a yi musu a kan wannan. Mai 1,700 shi ya fi jan matsakaici sama, kuma ya kamata su gano haka da kansu.

Daga mako na uku sai a ƙara lissafin kashi cikin ɗari. Tiya ta sauka daga 1,600 zuwa 1,400, ragin 200 ke nan, a raba da 1,600, ya ba da kashi 12.5 cikin ɗari. Kuskuren da suka fi yi shi ne rabawa da sabon farashi maimakon tsohon.

Masu ƙoƙari su tambayo kuɗin buhu da tiya nawa yake ci. Idan buhu mai tiya 40 ya kama 56,000, tiya ta tsaya wa mai awo a 1,400. Ya sayar 1,500, ya sami 4,000 a buhu, kuma cikinta zai biya ɗan dako, da kuɗin mota, da la'adar dillali. Kuɗin mota kuwa kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Yaro ya yi wannan lissafi sau ɗaya, zai rage saurin cewa ɗan kasuwa macuci ne.

Mako na shida: zane da gabatarwa

Kowace ƙungiya za ta yi zane biyu a kwali. Na farko zanen layi, mai nuna matsakaicin farashin kayanta a Lahadi huɗu. Na biyu zanen sanduna, mai kwatanta masu sayarwa biyar na Lahadin ƙarshe. Ajin gaba ɗaya kuma zai yi zanen da'ira guda, na kuɗin cefanen gida. Misalin da zan bayar: naira 6,000, hatsi 3,000, mai 1,200, kayan miya 900, itace 600, gishiri da ɗanɗano 300. Da'ira digiri 360 ce, don haka hatsi ya ci 180, mai 72, kayan miya 54, itace 36, ragowar 18. Ba a tambayar yaro cefanen gidansu a gaban aji.

Darasi ɗaya zan ware don abin da nake ganin ya fi kowanne amfani. Zan zana 1,400 da 1,600 sau biyu: sau ɗaya sandunan su tashi daga sifiri, sau ɗaya daga 1,300. A zane na biyu sanda ɗaya za ta ninka ɗayar sau uku, alhali lambobin ba su canza ba. In bar su su kalla har wani ya ce, "Malam, ai wannan ha'inci ne." Sandunanmu daga sifiri za su tashi. Kowane zane ya ɗauki kanu, da ma'auni, da kwanan wata, da adadin mutanen da aka tambaya. Zan kuma gaya musu cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa irin wannan aiki take yi duk wata kafin ta fitar da alƙaluman tsadar kayan abinci da suke ji a rediyo.

Gabatarwa ran Alhamis, minti biyar ga kowace ƙungiya, da Hausa, sannan taƙaitawa da Turanci don jarrabawa da shi za su rubuta. Za mu gayyaci iyaye da shugaban 'yan awo, su yi wa yaran tambayoyi.

Maki da kayan aiki

Maki 20 ne cikin gwajin zango: takardar bincike 6, lissafi 5, zane 5, bayani da amsa tambaya 4. Ƙungiyar da mutum uku suka ba ta amsa ta rubuta uku, tana da cikakken makinta. Wadda ta cike gurbi da lambar ƙirƙira ta rasa shidan duka.

Abin da nake roƙo daga ofis: kwali 20, maka takwas, takardar giraf, kamfas da ma'aunin kusurwa ko da biyu ne a yi karɓa-karɓa, da kuɗin motar yara 16 da malamai biyu na Lahadi huɗu. Takardar neman izinin iyaye zan raba ran Litinin mai zuwa, a dawo da ita kafin Juma'a.