Neman tattaunawa cikin sirri kan muƙamin darakta

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ya aiki? Wani tsohon abokin aikina ne ya ba ni lambarki, ya ce kamfaninku ne ya yi masa hanya zuwa muƙamin da yake kai yanzu, kuma babu wanda ya ji sai da magana ta ƙulle.

Ni ne shugaban sashen kuɗi a wani kamfanin sarrafa kayan abinci. Shekarata 9 a nan, 4 daga ciki a wannan kujera, da ma'aikata 35 a ƙarƙashina. Babu saɓani tsakanina da kowa, ina kuma jin daɗin aikin. Sai dai na kai inda babu sauran gaba, shi ya sa nake son jin ko akwai gurbin daraktan kuɗi a hannunku.

Roƙona ɗaya: kada sunana ko takarduna su je wa kowane kamfani sai na amince, kada kuma a tuntuɓi wurin aikina tukuna. Yarjejeniyata ta tanadi sanarwar wata 3 kafin barin aiki.

A kira ni ta wannan layin nawa, bayan ƙarfe 6 na yamma ko ranar Asabar. Ban da imel ɗin ofis, don Allah.

Na gode ƙwarai.
Kabiru