Wasiƙar neman a sa Maryam a aji 5

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a sake duba ajin da aka ba 'yata Maryam bayan jarrabawar tantancewa da ta yi ranar Litinin da ta wuce. An sa ta a aji 4, ni kuma ina neman a kai ta aji 5.

Shekarunta 10, kuma ta riga ta kammala aji 4 a makarantar da ta baro. A jarrabawar taku ta sami maki 82 a Lissafi, 76 a Kimiyya, 58 a Turanci. Ƙa'idarku maki 60 ce a kowane darasi, wato maki 2 kacal suka hana ta wucewa.

Malamin da ya duba takardun ya nuna mini ta Turancin, kuma na gode masa. Ta ci 30 cikin 40 a aunar fahimta, 20 cikin 30 a nahawu. A insha'i ne ta faɗi, 8 cikin 30. Ta ɓata lokaci a tambayoyin farko, aka karɓi takarda tana kan sakin layi ɗaya. Abin da ta rubuta ɗin ma akwai kurakuran aya da babban baƙi, ba zan ɓoye wannan ba. Amma matsala ce ta sashe ɗaya a darasi ɗaya. Idan ta maimaita shekara guda saboda ita, za ta zauna tana sake jin lissafin da ta riga ta iya, kuma yaron da ya daina samun sabon abu a aji yakan saki karatu, har wanda ya iya ɗin.

Shawarata ita ce a ba ta gwajin mako shida a aji 5. A tsawon lokacin zan sa a yi mata ƙarin darasin insha'i a gida sau uku a mako, minti 40 kowane zama, tana rubutu ana riƙe mata lokaci. Duk Litinin za ta kawo wa malamin Turanci littafin ya duba. Ƙarshen mako na shida a sake jarraba ta. In ba ta kai 60 ba, a mayar da ita aji 4, ba zan ja ba.

Na haɗo da sakamakonta na zango uku na aji 4, takardar sauya makaranta, da kwafin takardar haihuwa.

Ina roƙon a yanke hukunci cikin makon nan, domin 'yan aji 5 sun fara darasi, kuma duk makon da ta rasa cikin shidan nan za ta biya shi. A shirye nake in zo ofishinki duk ranar da kika sa. Allah ya ƙara girma.

Naki,
Mahaifin Maryam