Takardar Ƙin Amincewa da Ƙiyasin Harajin Shekarar 2023

Rumfa mai lamba 47,
Layin 'Yan Wake, Kasuwar Hatsi.
24 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Shugaba,
Hukumar Tattara Haraji ta Jiha.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da takardar ƙiyasin haraji mai kwanan wata 3 ga Yuni, 2024, wadda ta iso hannuna ranar 10 ga Yuni. Dokar harajin kuɗin shiga ta bai wa mai ƙorafi kwana 30 daga ranar da aka miƙa masa takarda, kuma ina cikin wa'adin. An ƙiyasta cewa na samu Naira miliyan 18 a 2023, aka ɗora mini harajin Naira miliyan 3 da dubu 200. Ban amince da wannan ƙiyasi ba.

Na san inda miliyan 18 ɗin ta fito. Ita ce jimillar kuɗin da suka shiga asusuna na banki a shekarar, kamar yadda takardar bankin da na haɗa da bayanin samuna a watan Maris ta nuna. To amma kuɗin da suka bi ta asusun ɗan kasuwa daban, abin da ya samu daban.

Naira miliyan 7 daga ciki ba nawa ba ne sam. Abokan cinikina ne na kasuwar Bodija a Ibadan suke turowa in saya musu wake, in sa a ɗinke buhu, in ɗora a mota. Kuɗin kan shigo da safe, kafin la'asar na biya masu kaya da direba. Duk abin da ya zauna a hannuna a wannan dillanci shi ne la'ada, Naira dubu 200 a shekarar gaba ɗaya. Wanda ya duba takardar bankin layi-layi zai ga shigar kuɗin da fitarsu, galibi a rana guda.

Sauran miliyan 11 cinikin kayana ne, kuma a cikinsu uwar kuɗi take. Na sayi wake da gero da dawa na Naira miliyan 7 da dubu 400. Kuɗin mota, 'yan dako, buhuna, maganin ajiya, hayar rumfa da sito, da sallamar yaran shago biyu sun ci miliyan 1 da dubu 300. Riba ta tsaya a miliyan 2 da dubu 300. Idan aka haɗa da la'ada, samuna na shekarar Naira miliyan 2 da dubu 500 ne, abin da na bayyana tun farko ke nan.

Ina roƙon a tuna irin shekarar da ake magana a kanta. A farkonta canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun Naira, manomi a kasuwar ƙauye kuwa ba ya karɓar tiransifa, sai tsaba. Mu kuma a gari dole muka koma karɓar kuɗi ta banki hatta a cinikin tiya biyu, shi ya sa asusun ya kumbura ba don ciniki ya ƙaru ba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu kuɗin mota ya tashi. Sai kuma rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, wanda ya tsayar da waken da nake samu ta wajen Maraɗi. Ko buhu 12 na waken da na ajiye a sito, ƙwari suka huda shi, na sayar ƙasa da yadda na saya.

Ranka ya daɗe, harajin da aka yanka mini ya fi duk abin da na samu a shekarar. Ba ni da hanyar biyansa sai in karya jarina in rufe rumfa, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Ba gudun haraji nake yi ba. Bisa samun miliyan 2 da dubu 500, bayan cire rangwamen da doka ta tanada, harajina ya kama Naira dubu 266, kuma na riga na biya.

Na haɗo da kwafin takardar banki ta wata 12, littafin saye da sayarwa, rasit ɗin hayar rumfa da sito, takardun lodin mota, wasiƙun abokan cinikina biyu na Ibadan, da rasit ɗin harajin da na biya.

Don haka ina roƙon a soke wannan ƙiyasi a fitar da gyararre, a kuma dakatar da neman ragowar kuɗin har a gama duba ƙorafina. In ana son ganin littafin na asali ko siton, a sa mini rana. Idan hukuma ta ga ba za ta gyara ba, a sanar da ni a rubuce, domin in samu damar ɗaukaka ƙara gaban kotun sauraron ƙararrakin haraji cikin wa'adi.

Na gode. Allah ya taimaka.

Naka mai biyayya,
Alhaji Sani Garba Mai Wake