Sanarwa: Mun Fara Karɓar Surfen Wake Da Niƙan Garin Ƙosai

Assalamu alaikum Hajiyoyi da uwayen gida. Masu yi muku yajin daddawa da garin kunu a Gyaɗi-Gyaɗi ne. Kun daɗe kuna tambaya, to yanzu mun fara: ki kawo wakenki, mu surfa, mu wanke, mu shanya, mu mayar miki da shi fari tas, ko mu niƙa miki gari na ƙosai da alale.

Surfe da shanya kawai, kwano ɗaya N700. Idan har da niƙa, N1,000. Daga kwano biyar muke karɓa, wadda ta kawo goma zuwa sama za mu rage mata N100 a kowane kwano. Wadda ba ta da wake za mu sayo mata a Dawanau kan farashin ranar, ta ƙara kuɗin aiki.

Ga abin da muke so a sani tun wuri, don kada a ce mun ci amana. A gabanki ko ɗan aikenki za a auna. Kwano goma yakan dawo kusan takwas, saboda dusa da tsakuwa da hancin wake duk sun fita. Waken da ƙwari suka huda ba ma karɓa, garinsa wari yake yi, kuma rabinsa a ruwa yake tafiya.

Aikin kwana huɗu ne, ba ma yin na gaggawa. Jiƙon na ɗan lokaci ne, don in wake ya sha ruwa da yawa dagargajewa yake a turmi. Shanyar ce mai cin lokaci: sai ƙwaya ta bushe ƙarau tana ƙara a haƙori muke kwashewa. Wanda aka ƙulle da sauran danshi, kafin mako biyu ya yi tsami ya fara hunhuna. Busasshe kuwa, a bokiti mai murfi, zai kai ki ƙarshen azumi lafiya.

Ki faɗa mana tun farko na me kike so. Na alale lukwi muke niƙawa, na ƙosai da ɗan tsaki-tsaki, shi ne yake tashi. Ki kwaɓa da kauri, ki bar shi ya jiƙu minti talatin, ki zuba markaɗaɗɗen attaruhu da albasa, ki buga sosai. Gishiri sai dab da suya. Ƙosan da ya sha mai, galibi ruwa ne ya yi yawa ko man bai yi zafi ba.

Muna karɓa Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe goma na safe zuwa La'asar. Rabin kuɗi ranar kawowa, ciko ranar ɗauka. Kaiwa gida da Adaidaita Sahu: Tarauni, Hausawa da Zoo Road N1,000, Kabuga, Hotoro da cikin gari N1,500.

Kwano arba'in kaɗai wurin shanyarmu yake ɗauka a lokaci guda, kuma za mu rufe karɓa ranar 20 ga Sha'aban. Ki turo saƙo yau ta WhatsApp ɗin da kika saba yin odar yaji, ki rubuta sunanki, unguwa da yawan kwanonki, mu ba ki ranar kawowa.